Yadda Ake Kwatanta Hotunan Dashbod Biyu Masu Tazarar Mako Guda, a Gane Abin da Ya Motsa da Dalilinsa

Mai tashar YouTube zai turo wa wanda ke kula masa da ita hotuna biyu a WhatsApp, ɗaya na Litinin ɗin da ta wuce, ɗaya na wannan, da tambaya a ƙasa: "Malam, me ya sa kallo ya faɗi?" Goma ta goma, amsar da sabon shiga zai bayar ita ce ba a saka bidiyo da yawa ba a wannan makon, ko kuma mutane ba su da data. Amsar takan yi daɗin ji, amma sau da yawa ba ta da alaƙa da abin da ya faru. Abin da ya ja adadin ƙasa yana can baya, wajen wata guda da ya wuce.

Zan yi misali da shafin `Analytics` na YouTube Studio, da wata tasha ta ƙirƙira a Birnin Kebbi mai kawo labarin noma da farashin kasuwa. Alƙaluman ma na misali ne. Hanyar ita ce dai a Meta Business Suite da duk dashbod mai nuna "kwana kaza na baya".

Mataki na farko: ka fara da kusurwa, kada ka fara da manyan lambobi

A sama, ɓangaren dama, akwai wurin da aka rubuta tsawon lokaci. Yawanci `Last 28 days` ne, da ranakun farawa da ƙarewa a tare da shi. Ka rubuta ranakun nan na kowane hoto a takarda. Idan ɗaya `Last 28 days` ne, ɗayan `Last 7 days`, magana ta ƙare, babu abin kwatantawa. Haka idan ɗaya na tashar ne gaba ɗaya, ɗayan na bidiyo guda. Hoton da aka yanke kansa har ranakun suka ɓace, ni ba na karɓarsa. Ka mayar, a sake turo cikakke. Kuma a turo shi a matsayin `Document`, domin WhatsApp kan matse hoto har 3 ta koma kamar 8.

A misalinmu hoton farko ya ɗauki 1 zuwa 28 ga Maris, na biyu kuma 8 ga Maris zuwa 4 ga Afrilu.

Mataki na biyu: ka kwashe lambobin

Layi biyu a takarda sun isa.

```
                  Hoto 1     Hoto 2
Views             42,000     33,000
Watch time (hrs)   2,100      2,200
Impressions      300,000    400,000
CTR                 6.0%       5.0%
```

Bambancin kallo 9,000 ne. Ana raba shi da tsohon adadi, wato 42,000, ya ba da ragin kashi 21 cikin ɗari. Kibiyoyin da ke ƙarƙashin lambobin ka rufe ido a kansu. Suna auna ka ne da kwana 28 ɗin da suka gabaci waɗannan, ko da abin da tashar ta saba samu, ba su san da hotonka na makon jiya ba. Shi ya sa za ka iya ganin koriyar kibiya a hoto na biyu alhali adadin ya gaza na farko.

Mataki na uku: makon da ya shigo da makon da ya fita

Nan ne ake faɗuwa, don haka a nan zan zauna.

Duba ranakun da ka rubuta. Daga 8 zuwa 28 ga Maris, kwana 21 cur, suna cikin hotunan biyu. Wato kashi uku cikin huɗu na lokacin abu ɗaya ne ka ɗauka sau biyu. Abin da ya bambanta su mako biyu ne kawai: makon 1 zuwa 7 ga Maris da ya fita, da makon 29 ga Maris zuwa 4 ga Afrilu da ya shigo. Kamar rumfa ce mai cin buhu huɗu kacal, duk ranar da aka shigo da sabo sai a fitar da mafi daɗewa. Idan nauyin kayan rumfar ya ragu, tana yiwuwa sabon buhun ne bai cika ba, tana yiwuwa kuma wanda aka fitar ne ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba.

```
bambanci = makon da ya shigo - makon da ya fita
```

Hoton kansa ba zai ba ka waɗannan lambobin biyu ba, amma zai yi maka nuni. Dubi layin jadawalin a hoton farko, can gefen hagu. Idan akwai wani tsauni a farkon layin, sannan a hoto na biyu babu shi, ka kama bakin zaren. Don tabbatarwa sai a buɗe dashbod ɗin, a danna wurin ranakun, a zaɓi `Custom`, a sa kowane mako shi kaɗai. Na fi son a yi wannan a kwamfuta. Manhajar waya tana da kyau don leƙawa, amma aikin tono ba nata ba ne. Wanda ba shi da kwamfuta ya buɗe studio.youtube.com a Chrome, ya danna `Desktop site`. Rubutun zai yi ƙanana, amma ya fi biyan kuɗin kafe.

Ga abin da muka samu. Makon da ya fita yana da kallo 18,000. Makonni ukun tsakiya 24,000, wato 8,000 kowane mako in an raba daidai. Makon da ya shigo 9,000. Ka haɗa 18,000 da 24,000, ga 42,000 na hoton farko. Ka haɗa 24,000 da 9,000, ga 33,000 na biyu. Lissafi ya rufe.

To, yanzu sake karanta tambayar mai tashar. Makon da yake kuka da shi ya fi matsakaicin makonni ukun da suka gabace shi da kallo 1,000. Ba abin da ya lalace a cikinsa. Wani babban mako ne ya cika kwana 28 ya fita daga lissafi. Da an biye wa amsar farko, da an ɗora wa mai ɗaukar bidiyo laifin da bai ji ba bai gani ba, ko a canza salon da yake tafiya daidai.

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Idan makon da ya fita mataccen mako ne, a ce wayar ɗauka ta lalace ba a saka komai ba, hoto na biyu zai nuna hauhawa ko da ba a yi wani abin a zo a gani ba. Irin wannan ba wanda ke turo hoto ya yi tambaya a kai, murna kawai ake yi.

Idan kuma lissafinka bai rufe ba, ya saura ɗari biyu ko uku, kada hankalinka ya tashi. Kwana ɗaya ko biyu na ƙarshe a kowane hoto ba su gama cika ba lokacin da aka ɗauka, kuma YouTube kan tace kallon bogi daga baya, ga shi allon yana taƙaita lamba ya rubuta `42.0K`. Akwai kuma batun agogo. Ranar YouTube Analytics tana bin lokacin yammacin Amurka ne, saboda haka tana farawa da ƙarfe 8 na safe agogon Najeriya daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 9 a sauran watanni. Kallon da aka yi bayan sallar Asuba ranar Litinin, a lissafin Lahadi zai faɗa.

Mataki na huɗu: daga ina kallon ya zo

Sanin makon bai isa ba, sai an san hanya. A nan CTR ke da amfani. Shi ne kason waɗanda YouTube ta nuna wa hoton bangon bidiyonka suka danna. Yawan nuna hoton bangon shi ne `Impressions`. Kashi 6 cikin ɗari na 300,000 ya ba da 18,000. Kashi 5 cikin ɗari na 400,000 ya ba da 20,000. Ka ga CTR ya sauka, amma kallon da YouTube ta kawo da kanta ya ƙaru da 2,000. Hakan na faruwa idan ta fara nuna bidiyon ga baƙin ido, waɗanda ba su san tashar ba. Baƙo bai cika dannawa kamar ɗan gida ba, sai kason ya sauka, yawan kuma ya hau. Duk wani kaso da ka gani a dashbod, kada ka ce uffan a kansa sai ka duba adadin da aka raba da shi. Kuma wajen rubutawa, daga 6 zuwa 5 maki ɗaya ne. In kana son faɗinsa a kaso, kusan 17 cikin ɗari ne. Kada ka ce ya ragu da kashi ɗaya.

Ragowar kallon fa? A hoton farko 42,000 a cire 18,000, saura 24,000. A na biyu 33,000 a cire 20,000, saura 13,000. Ramin 11,000 yana nan. `Impressions` ba ya ƙirga wanda ya shigo ta link daga wajen YouTube, don haka sai a nufi `Traffic source`, a buɗe `External`. A misalinmu WhatsApp ne ke saman jerin a makon 1 zuwa 7 ga Maris, kuma kusan duk a kan bidiyo ɗaya ne, na farashin albasa a Aliero, wanda ya zaga gurof-gurof na 'yan kasuwa kwana uku ya lafa.

Awannin kallo ma sun yarda da wannan labarin. Awa 2,100 sau 60, a raba da 42,000, minti 3 kenan ga kowane kallo. Awa 2,200 a kan 33,000 minti 4. Mai shigowa ta gurof farashi ya zo ji, yana ji zai fita. Da makonsu ya bar lissafi sai matsakaicin ya tashi. Kada a yi saurin cewa bidiyoyin ne suka ƙara kyau.

Dalilin da lamba ɗaya kawai ta goya wa baya, zato ne. Wannan kuwa uku suka nuna shi: tsaunin jadawali, `External`, da mintunan kallo. Dalilai irin su azumi, rashin sabis ko ranar kasuwar Jega suna iya zama gaskiya, amma sai ka nuna ranar a jadawali inda layin ya lotsa. In ba ka iya sa yatsa a kai ba, ka rubuta shi da sunan zato ko ka bar shi.

Mataki na biyar: rubuta amsa

Jimla huɗu ko biyar, kada ta wuce. "Ranka ya daɗe, kallo ya sauka daga 42,000 zuwa 33,000. Dalili shi ne makon bidiyon albasar Aliero, mai kallo 18,000, ya fita daga kwana 28. Sabon makon 9,000 ne, ya ɗara matsakaicin ukun baya. YouTube ta ƙara nuna mu sau 100,000, shi ya sauke CTR zuwa 5.0%. Mako mai zuwa, in abubuwa suka tsaya yadda suke, adadin zai zauna kusa da 34,000."

Lambar ƙarshen nan ba duba ba ce. Mako mai kusan 8,000 zai fita, mai kusan 9,000 ya shigo. Daga yanzu kuma a riƙa ɗaukar hoton rana ɗaya, lokaci ɗaya, a na'ura ɗaya, a haɗa da na `Last 7 days`, domin su makonni biyu na kwana bakwai ba sa hawa kan juna.