Darasi na 6: Me Ya Sa Fillet Ke Ƙin Zama A Kan Siririn Bango

To yau kan matsalar nan za mu tsaya, wadda ke sa ɗan koyo ya yi zaton kwamfutarsa ce ta lalace, alhali lissafi ne kawai bai ba da hanya ba. Fillet shi ne umarnin da ke goge kaifin kusurwa ta koma lanƙwasa, Shell kuma shi ke rarake cikin abu ya bar bango kaɗai, kamar an fafe ƙwarya.

Buɗe SolidWorks, manhajar zanen 3D, ka zana curarren akwati, tsawo milimita 60, faɗi 40, tsayi 30. Ka sa Shell na milimita 2 ka cire saman. Yanzu zaɓi gefunan nan huɗu na tsaye ta waje ka ba su Fillet mai radiyos 8. Sai ka ga jan saƙo, ko kusurwar ta huje.

Ga dalili. Daga tsinin kusurwar waje zuwa ta ciki naman da ke wurin milimita 2.83 ne kacal, shi kuwa Fillet yana cin wajen kashi 41 cikin ɗari na radiyos ɗinsa a daidai nan, wato 8 zai ci 3.31, to ina zai samo sauran? Ya shige cikin rami kenan, ba fuskar da zai kwanta a kai. Iyakarsa a bangon nan wajen 6.8 ne. Wanda ma ya fi ba ni tsoro shi ne radiyos 5, don zai zauna lafiya lau ba wani saƙo, amma in ka yanka da Section View, umarnin da ke nuna cikin abu kamar an tsaga shi, za ka ga 0.76 kawai ya rage a kusurwar, in an ƙera shi da roba nan zai fara tsagewa.

Gyaran ba wuya. A jerin da ke hagu, kama Fillet da linzami ka ja shi sama da Shell ka saki. Yanzu yana yanka akwatin tun yana curarre, nama ya ishe shi, sannan Shell ya bi lanƙwasar ya fitar da radiyos 6 a ciki da kansa, kaurin 2 ko'ina. In ya ƙi jawuwa, duba ko ka zaɓi wani gefe na ciki ne, don wannan gefen Shell ne ya haife shi, babu shi kafin nan, cire shi daga zaɓin tukuna.

Amma fa kar a kwashe duka a kai sama. Ƙaramin radiyos da bai kai kaurin bango ba, kamar 1, bar shi bayan Shell. Haka bakin akwatin, faɗinsa 2 ne, in za ka goge ciki da waje kowanne kar ya kai 1, gwada 0.8.

Aiki: mai da bangon 3, ka bar Fillet a ƙasan Shell, ka lissafa radiyos nawa zai huda kusurwar kafin ka gwada.