Maras lafiya ya ci ƙasa da canki-canka a gwajin tunawa: inda muke kuskure wajen fassara sakamakon

Akwai wani dosiye da wata ƙanwata a aiki ta kawo mini kwanaki nan Damagaram, wani ɗan kabu-kabu ne da mota ta buge shi ya faɗi ba kas a kansa, yau wata bakwai kenan, yana cewa mantuwa ta kama shi ba ya iya riƙe komai, kuma akwai maganar diyya da asurans a tsakani. Ta yi mishi gwajin nan da muke yi don mu san ko mutum ya ba da iya ƙoƙarinsa a gwajin ƙwaƙwalwa, ya ci 13 cikin 50, sai ta rubuta a ƙasan rapor wai maƙaryaci ne ba shi da ciwon komai. Na ce mata ƙanwata zauna tukuna, lambar da kika samu gaskiya ce amma abin da kika ɗora mata ya fi ƙarfinta. Tun ranar nake son in rubuta wannan, don ba ita kaɗai ba ce, kurakuran nan maimaita kansu suke yi.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda gwajin yake. Mu ɗauki gwajin tunawa mai suna TOMM, wanda Tom Tombaugh ya fitar a 1996. Ana nuna wa mutum zanen abubuwa 50 ɗaya bayan ɗaya, daga baya a nuna mishi biyu biyu, ɗaya ya gani ɗaya bai gani ba, dole ya zaɓi ɗaya ko da bai tabbata ba. Gwajin yana kama da mai wuya amma mai sauƙi ne ƙwarai, mutane da yawa masu raunin ƙwaƙwalwa na gaske suna cinye kusan duka. To tunda zaɓi biyu ne, ko makaho aka sa yana nuni da yatsa zai dace da wajen rabi, wato 25, kamar ka cilla dala sama sau hamsin kana ƙirga gefen da ta faɗi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ga 22 ko 24 a ce ai ya yi ƙasa da 25, an kama shi. A'a wallahi. Ka cilla dalar nan sau hamsin ka gani, ba kullum za ta ba ka 25 cif ba, yau 28 gobe 21, shi kanshi 25 daidai sau 11 kacal yake fitowa cikin ɗari. Mutumin da ba ya tuna komai sam, canka kawai yake, zai ci 24 ko ƙasa da haka wajen sau 44 cikin ɗari. Kenan in ka ce duk wanda ya yi ƙasa da rabi da gangan ya yi, kusan rabin tsofaffin da ciwon mantuwa ya cinye za ka zalunta, irin su baba da ake kawowa riƙe da hannu ba su san ko wane wata ake ciki ba. Abin da ake nufi da ƙasa da canki-canka shi ne ƙasa sosai har dace ba ya iya bayaninsa. A tambaya 50 mai zaɓi biyu iyakar tana kan 18: mai canka zai ci 18 ko ƙasa wajen sau 3 cikin ɗari, amma 19 ko ƙasa ya kai wajen sau 6, ya haye layin 5 cikin ɗari da aka saba amfani da shi. Don haka daga 19 zuwa 31 duk filin canka ne. Ba sai ka haddace ba, in kana da ordinater da Excel na faransanci ka buga wannan:

```
=LOI.BINOMIALE.N(18;50;0,5;VRAI)
```

Zai ba ka 0,032. Ka canza 18 ɗin da abin da mutumin ya ci, 50 da yawan tambayoyin. Kuma ka lura da 0,5 ɗin nan, don in gwajin zaɓi uku ne canka kashi ɗaya cikin uku ne, in huɗu ne kwata, na sha ganin an manta da wannan an ɗora rabi a kan kowane gwaji.

Ɗan kabu-kabun namu 13 ya ci. In ka buga za ka ga 0,00047, wato mai canka zai faɗo nan wajen sau ɗaya cikin dubu biyu. Wannan kam ba dace ba ne, nan ƙanwata tana da gaskiya. Dalili kuwa, da wuya ƙwarai ka kauce wa amsar daidai sau 37 cikin 50 sai in wani abu a kanka ya gane ta, kamar mai tafiya a hanyar Birni da dare yana kauce wa ramuka, in ka ga yana ta kaucewa ka san yana ganinsu.

Kuskure na biyu yana kusa da na farko, ana haɗa faɗuwa gwaji da cin ƙasa da canka kamar abu ɗaya ne. Kowane irin gwajin nan yana da makin wucewa da yake can sama nesa da rabi (ba zan rubuta lambar a nan ba da gangan, ba a son ta yi yawo, masu aikin suna da ita a littafin gwajin). Wanda ya ci 36 ya faɗi wancan makin amma ya fi canka, kuma bayaninsa na iya zama abubuwa da yawa, ciwon mantuwar tsufa da ya yi nisa, ko ruɗewa bayan farfaɗiya, ko magani mai sa barci, ko rashin maida hankali, ko kuma rage ƙoƙari da gangan. Shi 36 cewa yake kar ka yarda da sakamakon yau sai ka bincika. Shi 13 magana ce ta dabam. Haka kuma ta ɗaya gefen, yawancin masu ƙara wa ciwonsu gishiri ba sa sauka ƙasa da canka, suna tsayawa a tsakiya ne, to rashin ganin 13 ba ya wanke kowa.

Yanzu ga inda na tsayar da ƙanwata. Kafin ka yarda da lambar sai ka tabbata gwajin ya tafi yadda ya kamata, kuma a wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na tambaye ta da wane harshe ta ba shi umarni, ta ce Hausa, shi ma Bahaushe ne, alhamdulillahi. Amma a garin nan ana kawo mana Barebari da Buzaye da Fulani da Tubawa, wani Hausarsa ta kasuwa ce kawai, sai a sa ɗan uwansa ya fassara, in ɗan uwan ya juya maganar ya ce nuna wanda ba ka gani ba, to mutum mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa mai gaskiya zai ci kusan sifiri. Shi ya sa misalan gwaji na farko suke da amfani, ka sa shi ya faɗa maka da bakinsa abin da aka ce ya yi. Sannan ka sake duba takardar maki, layi ɗaya in ya goce komai ya juye. Sai ka duba ko hannunsa gefe ɗaya kawai yake zuwa, ko da yake mai nuna gefe ɗaya kullum kusa da rabi yake faɗowa in an raba amsoshin daidai, ba 13 ba. Ka kuma tuna zanen nan ba a nan aka yi su ba, tsohuwar da ba ta je lakkwal ba wasu abubuwan ba ta taɓa ganinsu ba, wannan na iya rage mata maki zuwa canka, amma da wuya ya tura ta ƙasa da shi sosai.

Akwai kuma ƙirga zagaye. TOMM zagaye biyu ne da na uku bayan ɗan jinkiri, wasu kuma suna ƙara wasu gwaje-gwajen. In mai canka na gaske ya yi zagaye uku, damar ɗaya daga ciki ya faɗo 18 ko ƙasa ta tashi zuwa wajen 9 cikin ɗari. To 18 guda ɗaya tak cikin zagaye da yawa sai a riƙe ta da hannu biyu, ba ta kai nauyin 13 ba.

Mun duba duk wannan a dosiyen, komai daidai, a zagaye na biyu ma 15 ya ci. To me za a rubuta? Nan ne kuskure mafi muni, kuma shi ya fi damuna don takarda ce da za ta bi mutum har gaban alƙali. Lambar ta nuna ya gane amsoshin yana kauce musu. Ba ta faɗi dalili ba. Ƙa'idojin da masana Slick da Sherman da Iverson suka tsara a 1999, suka sabunta a 2020, ba su yarda a ce mutum yana ƙirƙirar ciwo don riba ba sai an ga ribar a fili kamar kuɗi ko tsira daga hukunci, kuma an tabbata wani ciwon ƙwaƙwalwa ko na taɓin hankali bai isa ya bayyana abin ba. Akwai mai yin haka ba don kuɗi ba, ciwonsa shi ne son a ɗauke shi maras lafiya, wannan sunansa dabam kuma magani yake buƙata. Akwai wanda wani babba a gida ya matsa mishi ya ce in ka nuna ka warke mun yi asara. Akwai wanda ya yi wata bakwai yana yawo biro biro ba wanda ya saurare shi, ya ga in bai faɗi warwas ba ba za a yarda yana da ciwo ba.

Kuma lambar ba ta ce lafiyarsa lau ba. Mutum na iya samun rauni na gaske a kai kuma ya ƙara a kansa, biyun suna zama tare. Shi wannan bawan Allah takardun ranar aksidan sun nuna ya suma, yana da ciwon kai da rashin barci, 13 ba ta goge ko ɗaya ba. Abin da ta goge shi ne amincin sauran gwaje-gwajen ranar, duk makin da ya faɗi ba za mu iya cewa iyakarsa kenan ba, wanda ya ci da kyau kuwa yana nuna aƙalla ya kai nan.

Ga abin da muka sake rubutawa a madadin maƙaryaci: a gwajin zaɓi biyu ya ci 13 da 15 cikin 50, ƙasa da abin da canka ke bayarwa sosai, an tabbatar ya fahimci umarni, wannan yana nuna ya zaɓi amsoshin kuskure bayan ya gane na daidai, don haka sakamakon yau ba ya auna ainihin ƙarfin tunawarsa, ba za a iya tabbatarwa ko kore raunin ƙwaƙwalwa da shi ba, akwai maganar diyya a buɗe, ciwon kai da rashin barci suna buƙatar kulawa.

Da ya dawo randebu ni na zauna da shi, shi kaɗai ba da yayansa ba. Na ce malam, sakamakon nan bai nuna mana iya abin da kuke iyawa ba, kuma a haka ba zai taimake ku ba ko a wajen asurans, ko akwai abin da ya hana ku ranar? Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce yana tsoro ne kar a ce ba abin da ya same shi, moton ma na mutane ne ana bin shi kuɗinsa. Mun tura shi a fara duba maganar barcin da ciwon kan, muka sa ranar sake gwaji da wani gwajin dabam da bai taɓa gani ba.