Yadda ake mai da hirar tsohuwa takardar tarihin gida

Na ɗauka ka riga ka kwafe maganarta daga waya zuwa kaye. To, kada ka hau rubutu tukuna. Yawancin yaran da na gani a nan Tahoua shafin farko suke kamawa su yi ta gyara jimloli, alhali ba su san wa ake zance ba.

Fara da mutane. Samu farar takarda dabam, duk wanda aka ambata ka ba shi layinsa: sunan yanka, laƙabi, uwarsa, garinsu. Uwar ce ke raba Mahamadu biyu a gidan da ke da mata uku.

Nan ne na taɓa faɗuwa. Kakata ta ce “Baba ne ya kawo mu daga Illela”, ni kuwa na rubuta mahaifinta. Sai da aka raba takardar wani kawu ya ce ai mahaifinta ya rasu tana goye, ƙanensa ne ya riƙe ta. Abin da ya kamata in lura da shi yana cikin kayen: a wani shafi ta ce “Baba da marigayi uwarsu ɗaya”. Ga kuma kunya. Tsohuwa ba ta kama sunan mijinta ko ɗanta na fari, sai “Malam”, “mai gidan”, “wannan yaron”. Kada ka matsa mata. Ja layi ƙarƙashin kowane “shi” da ba ka gane ba, ka kai wa ƙanwarta ko wata gwaggo, a zama ɗaya za su warware maka.

Daga nan sai shekaru. Ba za ta ce 1974 ba, za ta ce “shekarar da Kunce ya hau”, wato Afrilun 1974. “El Buhari” yunwar 1984 ce. In ta ce ta yi aure damina biyu kafin El Buhari, rubuta “wajen 1982”, kuma ka bar kalmarta a gefe. “Wajen” ɗin nan kada ka jefar da shi, ko takardun haihuwar tsofaffinmu né vers, wato “an haife shi wajen”, suke ɗauke da shi.

Yanzu jera labarin bisa shekarun, shafi biyu ko uku. Ni ba na wuce uku, in ya fi haka ba mai karantawa, kuɗin fotokofi ma ya ƙaru. Maimaici ka zubar, amma kirari da karin magana ka bar su da bakinta, ko da harshen Adar ne, kada ka mai da su Kananci. Inda maganarta ta saɓa da ta wani dattijo, sa duka biyun da sunan mai faɗa. Rigimar gona ko zancen asalin wani, tambaye ta kafin ka sa.

A ƙasa rubuta sunanta da ranar hirar. Karanta mata da ƙarfi kafin ka buga, bik a hannu, don za ta tsayar da kai.