Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Gwajin t, ANOVA ko Gwaje-gwajen Matsayi

Kusan duk rahoton bincike da masu koyo ke kawo mini in duba, nakan tarar da jimla guda a babin nazarin bayanai: an yi gwajin Shapiro-Wilk, mai duba ko bayanai suna da rarrabuwar nomal, wato siffar ƙararrawa, ƙimar p ta fito ƙasa da 0.05, saboda haka an ajiye gwajin t an ɗauki Mann-Whitney, ko an ajiye ANOVA an ɗauki Kruskal-Wallis. Gwajin t da ANOVA matsakaitan rukunoni suke kwatantawa, Mann-Whitney da Kruskal-Wallis kuwa gwaje-gwajen matsayi ne. Mai rubutun yana ganin ya yi taka-tsantsan, alhali ya miƙa wa na'ura hukuncin da ya kamata ya yanke da kansa, kuma sau da yawa ya canza tambayar bincikensa ba tare da ya sani ba.

Kuskure na farko shi ne wannan na ɗaukar gwajin Shapiro-Wilk a matsayin alƙali. Gwajin yana da halin da ya saɓa wa bukatarmu. Idan samfur ƙarami ne, mutum takwas ko goma a kowane rukuni, ba shi da ƙarfin gano karkata ko da tana nan, sai ya wuce da bayanan a matsayin masu rarrabuwar nomal, kuma a daidai nan ne karkatar take iya yi wa gwajin t illa. Idan kuwa samfur babba ne, ɗaruruwa ko dubbai, ko ɗan lanƙwasa kaɗan sai ya kama shi ya yi ƙara, alhali a wannan girman matsakaicin samfur ya riga ya kusanci siffar ƙararrawa, kuma gwajin t ba ya cikin wani haɗari. Wato yana shiru a lokacin da ake bukatar gargaɗinsa, yana hayaniya a lokacin da babu abin tsoro.

Akwai kuma waɗanda ke zuba dukkan bayanan a shafi ɗaya su gwada su tare. Idan rukuni biyu sun bambanta sosai, haɗa su zai fitar da zane mai tozo biyu, gwajin kuma zai ce ba nomal ba ne, ko da kowane rukuni shi kaɗai yana da siffar ƙararrawa cikakkiya. Sharaɗin rarrabuwar nomal da gwajin t da ANOVA ke bukata yana kan abin da ya rage bayan an cire wa kowace lamba matsakaicin rukuninta. Abin da nake yi shi ne in zana wannan ragowar a manhajar R in dube ta da idona:

```r
m <- lm(kwanaki ~ magani, data = d)
qqnorm(resid(m)); qqline(resid(m))
```

Idan ɗigogin sun bi layi da ɗan kauce-kauce a gefuna, ba na damuwa. Abin da ke tsayar da ni shi ne jela mai tsawo a gefe ɗaya, ko lambobi biyu-uku da suka yi nisa da 'yan'uwansu, ko tarin sifili a ƙasa. Kuma ƙa'idar nan da ake yawan maimaitawa cewa samfur 30 ya wadatar, kada a riƙe ta da ƙarfi: ga karkata mai sauƙi tana aiki, amma ga bayanai irin na kuɗin magani ko kuɗin shiga, masu jela mai nisa, ko ɗari ba lallai ya isa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko ci mini rai, domin shi ne ke kai mutum ga ba da shawarar da ta saɓa wa bayanansa. Ana koyar da cewa Mann-Whitney gwajin t ne na bayanan da ba nomal ba, kuma yana kwatanta lambar tsakiya a madadin matsakaici. Ba haka yake ba. Abin da gwajin ke yi shi ne ya jera dukkan lambobin daga ƙarama zuwa babba, ya ba kowace matsayi, ya jefar da girmanta. Tambayar da yake amsawa ita ce: idan aka ɗauki mutum ɗaya daga wannan rukuni da wani daga wancan, sau nawa na farko zai fi na biyu? Ba ya zama gwajin lambar tsakiya sai idan rukunan biyu suna da siffa ɗaya da warwatsuwa ɗaya, ɗaya kawai ya gusa daga ɗaya. Idan siffofin sun bambanta, rukuni biyu na iya samun lambar tsakiya iri ɗaya, gwajin kuma ya nuna bambanci.

Ga misali da na tsara domin a ga abin da ido. Marasa lafiya goma sun sha magani A, goma sun sha magani B, an ƙirga kwanakin da kowa ya yi a kan gadon asibiti. Na A sun yi 3, 4, 4, 5, 5, 6, 6, 7, 40 da 60. Na B sun yi 7, 8, 8, 9, 9, 10, 10, 11, 11 da 12. Mutum biyun nan na A da suka daɗe ba kuskuren rubutu ba ne, ciwon ne ya rikice musu.

Idan aka haɗa kowane mai A da kowane mai B, za a sami haɗi 100. A cikin 79 mai A ne ya riga fita, a ɗaya sun yi kunnen doki, a 20 mai B ne ya riga. Mann-Whitney zai ba da p kusan 0.03, sai mai binciken ya rubuta da murna cewa magani A yana rage kwanakin jinya. Lambar tsakiya ma tana goyon bayansa, 5.5 a kan 9.5. To amma a tara kwanakin: rukunin A ya ci kwana 140 na gado, rukunin B ya ci 95. Matsakaicin A 14 ne, na B 9.5. Gwajin t na Welch, wanda ba ya bukatar warwatsuwar rukunan ta zo ɗaya, zai ba da t kusan 0.72 da p kusan 0.49, wato babu hujjar cewa matsakaitan sun bambanta, kuma ɗan abin da ake gani ma yana karkata ne ga B.

Babu gwajin da ya yi ƙarya a cikin biyun. Majiyyacin da ke tambayar wane magani ne ya fi yiwuwa ya sallame shi da wuri, Mann-Whitney ya ba shi amsarsa. Mai tsara yawan gadaje da kasafin kuɗi kuwa matsakaici ne kaɗai ke da amfani a gare shi, domin shi ake ninkawa da yawan majiyyata a sami jimla, kuma a wurin gwajin matsayi kwana 60 da kwana 13 duk ɗaya ne, tunda kowanne ya wuce dukkan na B. Na taɓa miƙa rahoto mai irin wannan siffa, na kuɗin da ake kashewa a hanyoyi biyu na gudanar da wani aiki, na ce ta farko ta fi arha bisa gwajin matsayi. Mai kula da asusu bai san ko sunan gwajin ba, ya dai tara shafukan biyu a gabana, ya nuna mini cewa hanyar da na kira mai arha ita ta fi cin kuɗi. Aikin sai da aka sake shi daga tushe.

Saboda haka, don Allah, kafin ka buɗe kowace manhaja, rubuta a jimla ɗaya abin da kake son kwatantawa. Idan matsakaici ne, to ka zauna a kan matsakaici ko da bayanan sun karkata: ka yi Welch idan samfur yana da girma, ka ƙara da tazarar amincewa, ka kuma faɗi a fili idan samfur ya yi ƙanƙanta da zai iya yanke hukunci, kamar a misalin da ke sama. Idan bambancin da kake nema na ninki ne, a ce wannan ya ninka wancan sau ɗaya da rabi, kuma duk lambobin sun haura sifili, ɗauki logaridim ɗinsu ka yi gwajin t a kai, amma ka sani cewa abin da ka kwatanta shi ne matsakaicin jometiri, kuma haka za ka rubuta shi. Idan ma'aunin na daraja ne kawai, kamar zafin ciwo daga babu zuwa mai tsanani, a nan gwajin matsayi yake gida. Ni ba maƙiyinsa ba ne: ko da bayanai nomal ne, ƙarfinsa ya kai kimanin kashi 95 cikin ɗari na gwajin t, kuma idan jela ta yi nauyi yakan fi shi nesa ba kusa ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauke shi don gudun matsala, sannan a fassara sakamakonsa kamar na wani gwajin daban.

Akwai abin da ya fi rashin nomal haɗari wanda mutane ba sa ko waiwaya, wato bambancin warwatsuwa tare da bambancin girman rukuni. Idan ƙaramin rukuni shi ne mai warwatsuwa da yawa, gwajin t na asali, wanda Gosset ya kafa harsashinsa a 1908, yakan nuna bambancin da babu shi fiye da kashi biyar cikin ɗarin da aka yarda da shi. Gudu zuwa Mann-Whitney ko Kruskal-Wallis ba ya magance wannan, domin su ma bambancin warwatsuwa yana taɓa su. Al'adata ita ce in fara da gyaran Welch na 1947 kai tsaye, ba tare da na jira gwajin Levene, mai duba ko warwatsuwar rukunan ɗaya ce, ya ba ni izini ba, tunda abin da ake asara kaɗan ne idan warwatsuwar ta zo ɗaya. A R, `t.test` da `oneway.test` dama Welch suke yi sai an hana su, amma `aov` ba ya yi. Wasu malamai za su saɓa mini a nan, ni dai haka nake yi.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Rukuni huɗu suna ba da kwatance shida, kuma yin gwajin t shida yana kai yiwuwar samun bambancin ƙarya ɗaya aƙalla zuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, don haka a yi ANOVA a bi ta da Tukey, ko Games-Howell idan Welch aka yi, ko Dunn bayan Kruskal-Wallis. Awon da aka yi wa mutum ɗaya kafin magani da bayansa ba rukuni biyu ba ne. A cire ɗaya daga ɗaya, kuma siffar wannan bambancin ake dubawa. Goge lambobin da suka yi nisa domin zane ya yi kyau maguɗi ne, sai dai in an tabbatar kuskuren awo ne. Haka ma gwada gwaje-gwaje uku a zaɓi wanda ya ba da p mafi ƙanƙanta.

Masu aikin ɗakin gwaje-gwaje kuma su lura da wannan: idan rukuni biyu ne, kowanne da awo uku, hanyoyi 20 kaɗai ake iya raba matsayi shida, saboda haka mafi ƙanƙantar p mai gefe biyu da Mann-Whitney zai iya bayarwa ita ce 0.1, komai girman bambancin. Wanda ya rubuta cewa babu bambanci bisa wannan, gwajin da ba zai taɓa iya cewa akwai ba ya yi. Idan girman rukunan ɗaya ne, sai an kai awo huɗu a kowane rukuni kafin p ta iya sauka ƙasa da 0.05, kuma ko a nan sai idan dukkan lambobin rukuni ɗaya sun wuce dukkan na ɗayan.