Darasi na Bakwai: Amsa Ɗaya, a Rubuta Ta Sau Ɗaya

Wannan jawabi ne da wani malamin ajin yaƙi da jahilci ya yi wa matasan 'yan kasuwa a taron bita a ƙasar Gumel. A karanta shi da waya a hannu.

"Ƙannena, barkanku da war haka. Duk mai sayar da kaya ta waya ya san tambayoyin nan uku: nawa ne, ina kake, turo lambar asusu. A ce kana sayar da man gyaɗa, mutum 20 suka tambaye ka a yini, kowa ya ci maka minti biyu. Minti 40 ke nan sun tafi a maimaita magana ɗaya, ga mai saye a tsaye da galan yana jiran ka ɗago kai.

WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ake sauke ta, kuma tana da maganin wannan. Shiga Business tools (a wasu wayoyin Tools kawai aka rubuta), ka taɓa Quick replies, ka ƙara sabuwa. A gurbin Shortcut rubuta asusu. A gurbin saƙo sa sunan banki, lambobi goma na asusunka da sunan da ke kansa. Duba lambobin nan sau biyu, domin idan ɗaya ta kauce, duk wanda ka tura wa ya samu kuskuren. Daga nan, da an ce turo lamba, sai ka danna alamar / a wurin rubutu, ka zaɓi asusu, ka tura. Yi wa farashi da kwatancen shago haka.

Farashi ne ke kayar da mutane. Gyaɗa ta tashi, kai kuma amsarka tana nan da kuɗin wancan mako. Ka tura ba ka karanta ba, mai saye ya riƙe ka da maganarka, kuma da gaskiyarsa. Don haka sa rana a ciki, kamar 'farashin ranar Litinin', ka gyara duk lokacin da ka saro kaya.

Akwai kuma Away message, mai amsawa da kanta idan ba ka kusa. Ran Alhamis kana Maigatari, zaɓi Custom schedule, ka sa lokacin farawa da na ƙarewa, ka rubuta: 'Ina kasuwa, zan amsa bayan magariba.' Kada ka bar ta a Always send, in ba haka ba kana zaune a shago waya tana ce wa mutane ba ka nan. Sannan sai da data da sabis take fita. Idan sabis ya ɗauke a hanya, shiru mai saye zai ji.

Tabbatar da shigar kuɗi kam aikinka ne. Hoton rasit ba shaida ba ne. Buɗe asusunka ka gani kafin a ɗora kaya a babur."

Aikin gida: shirya amsa biyu, asusu da farashi, ka gwada su da lambar ɗan ajinku.