Ciwon Ƙugu da Ƙashin Mara ga Mai Juna Biyu: Kurakuran da Ke Ƙara Shi da Yadda Ake Gyarawa

Ƙashin ƙugu zobe ne mai mahaɗa uku. Ɗaya tana gaba, a ƙasan mara, inda ƙasusuwa biyu suka haɗu. Biyu suna baya, dama da hagu, daidai wuraren nan biyu da ke ɗan lotsawa a saman ɗuwawu. Idan ciki ya shiga, jijiyoyin da ke ɗaure da mahaɗan nan suna yin laushi domin shirin haihuwa, ga kuma nauyi yana ƙaruwa ta gaba. Kusan mace ɗaya cikin biyar masu juna biyu tana fama da ciwon waɗannan mahaɗai. Ba ya cutar da jariri, amma yana iya hana uwa barci da tafiya. Abin da ya fi tayar da shi shi ne duk motsin da zai sa ɓari ɗaya na ƙugu ya ɗauki nauyi shi kaɗai, ko ya raba ƙafafu da nisa. Yawancin kurakuran da ake yi daga rashin sanin wannan suke tasowa.

A kira shi sanyi, a tafi kemis

Kuskuren farko shi ne a ce duk ciwon mara da baya sanyi ne. Sai a aika yaro kemis ya karɓo haɗi, ko a jiƙa saiwa. Haɗin nan sau da yawa akwai ibufurofen, dikulofenak ko feldin a ciki, waɗanda ba a son mai ciki ta sha ba da umarnin likita ba, musamman daga mako 20. Suna iya taɓa ƙodar jariri har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata hanyar jini da ke kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Maganin da aka fi aminta da shi shi ne farasitamol: ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Idan kin ga kullum sai kin sha, lokacin kai maganar wurin awo ya yi.

Bambance ciwon mahaɗa da na mafitsara ko ƙoda ba wuya. Ciwon mahaɗa yana bin motsi: yana tashi idan kin juya a kan gado, kin hau matakala, ko kin tsaya da ƙafa ɗaya, yana lafawa idan kin huta. Kina iya nuna wurin da yatsa, wani lokaci har ki ji ƙas a gaban mara. Ciwon mafitsara ko na ƙoda ba ruwansa da yadda kika zauna. Yana zuwa da zafin fitsari, zazzaɓi, rawar sanyi, ko ciwo a gefe ɗaya can sama ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan gwajin fitsari yake buƙata a ranar, domin idan aka bar shi yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Yini ɗaya a cikin gida

A ɗauki misalin mace mai cikin wata bakwai a unguwar Jekadafari ko Bolari a Gombe, tana da yaro ɗan shekara biyu, ciwon yana gaban mara da bayan ƙugu ta dama. Ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba, amma kullum da yamma sai ta riƙa jan ƙafa. Idan aka bi yininta daki-daki za a ga inda ciwon ke samun ƙofa.

Da asuba takan yunƙura ta tashi zaune daga rigingine, ta jefa ƙafa ɗaya ƙasa. Nan take mahaɗar gaba ta murɗe. Gyaran shi ne ta lanƙwasa gwiwoyi, ta haɗe su, ta juyo gefe kafaɗa da ƙugu a tare, ta sauke ƙafafu biyu lokaci guda, sannan ta tura jikinta sama da hannu. Idan katifar a ƙasa take, ta fara juyowa ta durƙusa a kan gwiwoyi da hannuwa, ta dafa kujera ko bango mai ƙwari, sannan ta miƙe. Sa wando ko siket a tsaye ma tsayuwa ce da ƙafa ɗaya, don haka ta zauna a bakin gado ta sa.

Sai ruwa. Mai kura ya ajiye jarka a ƙofar gida, ita kuma ta ɗauka da hannu ɗaya zuwa madafa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, duk a ɓari ɗaya. Wannan aikin a bar wa maigida ko wani babba a gidan, ko a roƙi mai ruwan ya shigo da ita har randa. In babu makawa, a raba ruwan a ƙananan bokitai biyu, lita 4 ko 5 kowanne, ɗaya a kowane hannu. Yaron ma haka: saɓa shi a kwankwaso ɗaya yana karkatar da ƙugu. Ta zauna, ya hau cinyarta da kansa.

Shara da gajeriyar tsintsiya ta haɗa sunkuyo da murɗa jiki a lokaci guda, abin da bayan mai ciki ya fi ƙi. A ɗaura wa tsintsiyar sanda ta yi tsawo, a riƙa matsawa da ƙafa maimakon miƙa hannu nesa. Wanki da wanke-wanke kuwa a ɗora baho a kan benci ko teburi. Kujera 'yar tsugunno tana sa gwiwa ta fi ƙugu tsawo, ga ƙafafu a buɗe saboda baho yana tsakani, tashi daga kanta kuma shi ne ya fi zafi. Kujerar da tafin ƙafa zai taka ƙasa, gwiwa ta daidaita da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa, ita ce daidai, da ɗan zani a naɗe a bayan ƙugu. Kada zama ya wuce rabin awa ba a tashi an ɗan taka ba.

Ranar awo takan hau acaɓa. Ɗaga ƙafa a tsallaka babur shi ne buɗe ƙafa mafi muni, ga gargada. Zama a kaikaice kuma haɗarin faɗuwa ne. Keke Napep ya fi: ta fara zama da ɗuwawu a bakin kujera, sannan ta shigo da ƙafafu biyu a haɗe, haka ma wajen fita.

Salla ma tana cikin lissafi, domin tasowa daga sujada da zaman tahiya a kan ƙafa ɗaya suna wahalar da wasu. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba da dama: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Mace da yawa tana jin nauyin a gan ta a kan kujera alhali ba tsohuwa ba ce, sai ta cije. Babu dalilin haka.

Kwanciya gaba ɗaya, ko aikin ƙarfi don naƙuda ta zo da sauƙi

Nan mutane sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare ya yi kuskure. Wasu suna cewa ta kwanta kada ta taɓa komai. Kwana da kwanaki a kwance yana raunana tsokar ɗuwawu da ta ciki, waɗanda su ne ke tallafa wa mahaɗan da suka yi laushi, sai ciwon ya ƙaru. Wasu kuma, galibi iyaye mata, suna cewa ta yi daka da surfe, ta yi doguwar tafiya, wai jiki zai saki. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk aikin da ya bar ki da ƙarin ciwo a daren ko washegari ya yi yawa, a rage shi. Tafiyar minti goma sau biyu ko uku a rana, da gajeren taku da takalmi maras tsini wanda ya kama ƙafa, ta fi tafiya ɗaya mai tsawo zuwa kasuwa. A matakala, ƙafar da ba ta ciwo ita ce gaba wajen hawa, mai ciwon kuma gaba wajen sauka, ɗaya bayan ɗaya.

Motsa jiki biyu sun isa a fara da su. Na farko, ki durƙusa a kan tabarma, hannuwa ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu. Ki janyo cibiya ciki a hankali, ki tura baya sama ya yi doro, ki riƙe na 'yan daƙiƙu, ki dawo baya ya miƙe. Sau goma, a hankali. Kuskuren da ake yi shi ne barin ciki ya rinjayi baya har ya lotsa ƙasa wajen dawowa. Na biyu, ki matse tsokar ƙasa kamar mai riƙe fitsari da iska, ki riƙe har daƙiƙa goma in kin iya, ki saki gaba ɗaya. Sau goma, sau uku a rana, kina numfashi. Kada a gwada shi ana cikin yin fitsari, domin yana hana mafitsara zubar da duka.

Ɗamara da matashi

Wasu suna ɗaure ciki da majanyi don su ji dama, amma suna ɗaurawa a kan cikin. Wurinta ƙasa da tulun ciki ne, ta zagaye ƙasusuwan ƙugu ta bi saman ɗuwawu, da faɗin kamar tafin hannu, yadda yatsu biyu za su iya shiga. Ana sa ta lokacin tafiya ko aiki a tsaye, a kwance ta wajen barci. Idan ta ƙara ciwo, a cire.

Daga mako 28 a kwanta barci a gefe, ba rigingine ba. Matashin da za a sa tsakanin ƙafafu ya kai daga gwiwa har idon sawu. Idan a gwiwa kawai ya tsaya, ƙafar sama tana rataya ta ja ƙugu. Gashi da tsumma mai ɗumi a baya na minti 15 yana taimakawa, amma ban da ruwa mai ƙuna, ban da ɗorawa a kan ciki, ban da ba mai ɗori ko mai tausa ya ja ƙugun da ƙarfi.

Ciwon da ba a kwana da shi a gida

Ciwon baya mai zuwa yana tafiya a kan lokaci, ciki yana tauri tare da shi, kafin mako 37, yana iya zama naƙuda. Haka zubar jini ko ruwa, raguwar motsin jariri, zazzaɓi, mutuwar matsematsi ko ƙafa, kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi da bayan gida. Kowanne daga ciki asibiti ne nan take, ko da tsakar dare. Mai sikila kuma kada ta ɗauki ciwon ƙashi a matsayin na ciki kawai.

Idan an gyara motsi na mako ɗaya zuwa biyu ba sauƙi, a nemi ma'aikatan awo su tura ki sashen gashin ƙashi, kamar wanda ke Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kafin wata tara, ki kwanta a gefe ko a jingine ki ga iya nisan da gwiwoyinki ke buɗewa ba ciwo, a auna da igiya, ki gaya wa ungozoma ranar haihuwa don kada a wuce shi. Haihuwa a kwance ta gefe ko a durƙushe takan fi sauƙi ga mai wannan ciwo. Yawancin mata suna samun sauƙi bayan haihuwa, amma wadda ta yi arba'in ciwon bai ragu ba ta koma a duba ta.