Yadda na gano kuskuren lebur da turaku biyu

Ana gobe za mu fara awon tushen gini, hankalina bai kwanta da na'urar lebur ɗinmu ba, wadda muke auna bambancin tsayin ƙasa da ita, don ta sha jijjiga a bayan mota. Sai na kafa turaku biyu, A da B, tazarar mita 50.

Na fara kafa na'urar a tsakiya daidai. A nan ko layin ganinta ya karkace, kuskuren ɗaya ne a ɓangarorin biyu, sai ya soke kansa. Sandar awo ta nuna mita 1.425 a A, 1.610 a B, wato bambancin tsayi na gaskiya mita 0.185 ne.

Daga nan na mayar da ita mita 5 bayan A. Na karanta 1.302 a A, don haka ya kamata B ya ba da 1.487, amma sai na ga 1.499. Milimita 12 a mita 50 ya yi yawa, layin ganin yana kallon sama ke nan.

Daga inda nake, B yana mita 55, kuskurensa kusan milimita 13. Na buɗe murfin bayan madubin, na juya ɗan sukurun gyara a hankali har zaren kwance da ake gani a cikin madubin ya zauna a 1.486 a sandar B. Da na maimaita gwajin, milimita 1 kawai ya rage.